Magungunan Rage Aikin Tayirod: Tambayoyi da Amsoshi Kan Kabimazol, Metimazol da PTU

Tayirod wani ɗan nama ne da ke gaban wuya, a ƙasan maƙogwaro, kuma shi ne yake kumbura ya zama maƙoƙo. Aikinsa shi ne fitar da homon, wato sinadarin da yake zubawa a jini don daidaita saurin aikin jiki. Idan aikinsa ya wuce kima, mutum yakan rame alhali yana cin abinci, zuciyarsa ta riƙa bugawa da sauri, hannunsa ya riƙa rawa, zafi ya dame shi ko da kowa yana jin sanyi. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi fitowa daga bakin waɗanda aka ɗora a kan maganin wannan larura, musamman mata masu ciki da masu neman haihuwa. Adadin magani da aka ambata a nan don fahimta ne, likitan da ke riƙe da sakamakon gwajin mutum shi ne mai yanke masa nasa adadin.

1. Waɗanne magunguna ake nufi, kuma wa ake ba wa su?

Magunguna uku ne 'yan gida ɗaya: kabimazol, metimazol, da furofiltiyoyurasil wanda kowa ya fi sani da PTU. A haƙiƙa ma biyu ne, domin kabimazol da zarar ya shiga jiki sai ya rikiɗe ya zama metimazol, don haka duk abin da aka faɗa game da ɗaya ya shafi ɗayan. Bambancin kasuwa ne kawai: Birtaniya da ƙasashen da suka gaji tsarin magungunanta, irin su Najeriya da Ghana, sun fi amfani da kabimazol, Amurka da Japan kuwa metimazol suke rubutawa. Miligiram 10 na kabimazol yana daidai da kusan miligiram 6 na metimazol. Likitan Amurka Edwin Astwood ne ya fara jinyar masu wannan larura da magani na wannan gida a shekarar 1943, kuma har yau ba a sami wani rukunin magani da ya maye gurbinsa ba.

Mafi yawan masu shan su suna fama ne da cutar Graves, wadda garkuwar jiki take ƙera wani furotin mai suna TRAb da ke zuga tayirod ya yi ta aiki ba tsayawa. Ana kuma ba da su ga mai maƙoƙo mai ƙulli-ƙulli da ke fitar da homon fiye da kima, galibi don a shirya shi kafin tiyata. Amma ba kowane maƙoƙo ake sha wa wannan magani ba. Maƙoƙon da rashin aidin a abinci ya haddasa, ko wanda aikin tayirod ɗinsa daidai yake, wannan magani ƙara masa girma zai yi, saboda dalilin da za a gani a tambaya ta 4.

2. Ta yaya maganin yake rage yawan homon?

Tayirod yana haɗa homon ɗinsa ne daga abu biyu: aidin da yake zuƙowa daga jini, da wani babban furotin da yake ƙerawa da kansa mai suna tayiroglobulin. Akwai wani enzayim, wato sinadarin da ke gudanar da aikin haɗawa, mai suna TPO, wanda yake ɗaukar aidin ya liƙa shi a jikin wannan furotin, sannan ya ɗaure guntayen da aka liƙa wa aidin biyu-biyu. Idan ɗaurin ya tashi da ƙwayar aidin huɗu, an sami T4, idan ya tashi da uku, an sami T3. Waɗannan su ne homon biyu da ake gani a takardar gwaji. Kabimazol da PTU suna taruwa a cikin tayirod su shiga tsakanin TPO da aikinsa, sai liƙawa da ɗaurewa su ragu, masana'antar ta yi sanyi. Ba sa hana aidin shiga, ba sa kashe naman tayirod, ba sa kuma taɓa homon da aka riga aka haɗa.

PTU yana da ƙarin aiki guda wanda kabimazol ba shi da shi. Yawancin abin da tayirod yake fitarwa T4 ne, kuma sai ya je hanta da sauran sassan jiki ake cire masa aidin ɗaya ya koma T3, wanda shi ne mai ƙarfin gaske. PTU yana rage wannan juyawar, shi ya sa T3 yake saurin sauka a kwanakin farko idan an ba da shi da yawa. Wannan ne dalilin da ya sa likitoci da dama suke zaɓarsa a lokacin da cutar ta yi mummunan tashi, zazzaɓi mai tsanani da ruɗewa da gudun zuciya suka haɗu, har aka kwantar da mutum a ɗakin kulawa ta musamman.

3. Na yi sati biyu ina shan magani amma zuciyata ba ta daina bugawa ba. Ko maganin ba ya aiki ne?

Yana aiki, rumbun ne bai ƙare ba. Tayirod ya sha bamban da sauran sassan jiki masu fitar da homon, domin shi yana ajiye abin da ya haɗa a cikin wasu 'yan buhuna, kuma ajiyar tana iya kai mutum makonni da yawa. Maganin ya tsayar da sussuka, amma hatsin da ke cikin rumbu sai an ci gaba da ɗiba har ya ƙare. Ga kuma T4 da ya riga ya shiga jini, wanda sai ya yi kamar kwana 7 kafin rabinsa ya gushe. Saboda haka yawancin mutane sukan fara jin sauƙi a sati na 2 zuwa na 4, kuma gwaji ba ya komawa daidai sai an kai sati 4 zuwa 8, wani lokaci fiye da haka ga mai babban maƙoƙo ko wanda homon ɗinsa ya yi sama sosai.

Don cike wannan giɓin ne ake haɗa wa mutum da furofaranolol ko wani magani irinsa, wanda yake kwantar da bugun zuciya da rawar hannu tun a ranar farko, ba tare da ya taɓa tushen cutar ba. Mai ciwon asma ya gaya wa likita tun kafin a rubuta masa, domin furofaranolol yana iya tayar masa da ciwon.

4. Nawa ake sha, har tsawon wane lokaci, kuma wane gwaji ake bi?

An saba fara kabimazol a kan miligiram 15 zuwa 40 a rana gwargwadon yadda T4 ya hau, kuma shan sau ɗaya a rana ya wadatar, domin yana daɗewa a cikin tayirod. PTU kuwa yana saurin fita daga jini, rabinsa yana gushewa cikin awa 1 zuwa 2, don haka ake raba shi sau biyu ko uku a rana, a fara da miligiram 200 zuwa 400. Bayan kamar sati 4 zuwa 6 ana maimaita gwaji, idan T4 ya sauko sai a rage maganin, a ci gaba da ragewa har a tsaya a kan ɗan kaɗan, galibi miligiram 5 zuwa 15 na kabimazol. A cutar Graves ana ci gaba da sha na wata 12 zuwa 18 sannan a gwada dainawa.

Kuskuren da ya fi yawa a wannan mataki shi ne dogaro da TSH kaɗai. TSH saƙo ne da wani sashe a ƙasan ƙwaƙwalwa yake aika wa tayirod cewa ya ƙara aiki, kuma idan homon ya daɗe a sama, wannan sashen yakan yi barci har ya kwashe watanni bai farka ba. Sai a ga TSH yana ƙasa-ƙasa alhali T4 ya riga ya sauko, kuma wanda bai san haka ba zai ƙara magani a lokacin da ya kamata a rage. A watannin farko T4 da T3 ne abin dubawa. Idan magani ya yi yawa, alamun sukan juya: kasala, jin sanyi, ƙiba, bushewar ciki, sannan maƙoƙon ya ƙara girma, saboda TSH ya farka ya hau sama yana ta zuga tayirod ɗin da aka ɗaure wa hannu.

Akwai wata hanya ta biyu da wasu likitoci suke bi, a ba da kabimazol mai yawa a rufe tayirod gaba ɗaya, sannan a maye gurbin homon da ƙwayar lebotayiroksin. Tana rage yawan zuwa gwaji, amma ba a yin ta ga mai ciki ko kaɗan, an yi bayanin dalili a tambaya ta 12.

5. Maganin yana warkar da cutar har abada?

Ga kusan rabin masu cutar Graves, cutar takan lafa bayan an kammala wata 12 zuwa 18, sauran rabin kuma takan dawo musu, yawanci a cikin shekarar farko bayan dainawa. Ta fi dawowa ga mai babban maƙoƙo, da mai shan taba, da wanda TRAb ɗinsa yake sama har lokacin da za a daina, shi ya sa gwada TRAb kafin a tsayar da magani yake da amfani inda ake iya yin sa. Mai maƙoƙo mai ƙulli-ƙulli kuwa cutarsa ba ta lafawa da kanta, duk ranar da ya daina sha za ta dawo. Idan ta dawo, zaɓi uku ne: a koma kan ɗan ƙaramin adadi na tsawon shekaru, ko a sha aidin mai tururin nukiliya da ke ƙone naman tayirod, ko a yi tiyata.

6. Waɗanne ƙananan illoli ne aka fi gani?

Ƙaiƙayi, ƙuraje ko borin jini, ciwon gaɓoɓi, tashin zuciya, da canjin ɗanɗano a baki. Sukan bayyana a watannin farko, kuma sun fi yawa idan adadin kabimazol yana da yawa. Ƙaramin ƙaiƙayi yakan wuce da maganin ƙaiƙayi ba tare da an daina sha ba, idan kuma ya ƙi wucewa likita yana iya sauya mutum zuwa ɗaya maganin, ko da yake wasu sukan sake samun irin wannan matsala a can ma. PTU yana da ɗaci sosai. Ciwon gaɓoɓi mai tsanani da ke yawo daga wannan gaɓa zuwa waccan ba ya cikin ƙananan illoli, ya kamata a kai shi gaban likita.

7. Me ya sa aka ce in na ji zazzaɓi ko ciwon maƙogwaro in daina sha nan take?

Wannan ita ce magana mafi muhimmanci a duk shafin nan. A cikin mutum 1,000 masu shan waɗannan magunguna, kimanin 2 zuwa 5 sukan gamu da wata illa inda ɓargo yake daina fitar da wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini masu suna nutirofil, waɗanda su ne dakarun farko da ke yaƙar ƙwayoyin cuta. Idan adadinsu ya faɗi ƙasa da 500 a kowace maikurolita ta jini, ƙaramin ciwon maƙogwaro yana iya zama cutar da ta mamaye jini cikin kwana ɗaya ko biyu. Abin ya fi faruwa a wata 3 na farko, ya fi kama tsofaffi da masu shan kabimazol mai yawa, kuma yana iya faruwa ga wanda ya taɓa sha lafiya a baya ya daina sannan ya dawo. Yana zuwa ne kwatsam, har gwajin jinin da aka yi makon jiya yana iya nuna komai daidai, shi ya sa faɗakar da mai shan magani ya fi yawan gwaji amfani.

A ƙasarmu hatsarin ya ninka saboda al'adar da muka saba da ita. Da zarar jiki ya yi zafi, sai a ce maleriya ce ko taifod, a aika yaro kyamis ya karɓo magani, a kwana uku ana jiran ya yi aiki, ana kuma ci gaba da haɗiyar kabimazol kowace safiya. Mai shan wannan magani ba shi da damar yin wannan jiran. Idan ya ji zazzaɓi, ko ciwon maƙogwaro, ko ya ga gyambo a cikin baki, ya ajiye maganin, ya je asibiti a ranar, ya faɗi sunan abin da yake sha, ya nemi a ƙirga masa fararen ƙwayoyin jini tare da bambance nau'o'insu. Ko gwajin maleriya ya nuna akwai ta, wannan bai ɗauke buƙatar ƙirgar ba, domin abu biyu suna iya haɗuwa. Idan ƙirga ta fito daidai, sai ya koma kan maganinsa, kwana ɗaya ko biyu da ya tsallake ba za su cutar da shi ba.

Idan kuwa an tabbatar ƙwayoyin sun faɗi, ana kwantar da mutum a ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, kuma ɓargo yakan farfaɗo cikin sati 1 zuwa 2. Daga nan ya yi sallama da waɗannan magunguna uku baki ɗaya. Ba a mayar da shi kan PTU don kabimazol ne ya yi masa illa, ko akasin haka, saboda abin da ɗaya ya yi ɗayan ma yana iya yi.

8. Wanne ya fi illa ga hanta, kabimazol ko PTU?

Duka biyun suna iya taɓa hanta, amma ba iri ɗaya ba. Kabimazol ya fi haddasa tsayawar ruwan ɗaci, mutum ya yi shawara da ƙaiƙayi, kuma yawanci yakan warware sannu a hankali bayan an daina sha. PTU kuwa ƙwayoyin hantar yake kashewa, wani lokaci cikin gaggawa har hanta ta daina aiki, a kai ga neman dashe ko a rasa rai. An kiyasta wannan mummunan nau'in da kusan mutum 1 cikin 10,000 a manya, a yara kuma ya fi haka sau da yawa. Saboda wannan ne hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sanya wa PTU gargaɗi mafi tsanani a shekarar 2010, kuma tun daga lokacin ya koma magani na biyu: ba a ba yara shi sai babu makawa, manya kuma sai a farkon ciki, ko a mummunan tashin cutar, ko ga wanda kabimazol ya ƙi jikinsa da ƙaramar illa.

Alamun da za a lura da su su ne idanu su yi rawaya, fitsari ya yi duhu kamar shayin da ba madara, bayan gida ya yi fari-fari, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, da rashin son abinci mai tsanani. Jiƙe-jiƙen shawara ba su da gurbi a nan, ƙara wa hantar nauyi za su yi. Yana da kyau a gwada hanta tun kafin a fara magani, domin cutar da kanta tana ɗan ɗaga sakamakon, kuma ana yawan samun masu ɗauke da ciwon hanta nau'in B ba su sani ba.

9. Akwai wasu manyan illoli da suka keɓanta da ɗaya daga cikinsu?

Akwai biyu. PTU, musamman ga wanda ya shekara yana sha, yana iya sa garkuwar jiki ta far wa ƙananan hanyoyin jini, abin ya bayyana da jini a fitsari, ko tarin jini, ko tabo masu duhu da gyambo a fata. Kabimazol kuwa an tabbatar yana iya kumbura fankiriyas, wato wani sashe na kayan ciki da ke bayan tumbi, kuma hukumar magunguna ta Birtaniya ta fitar da gargaɗi kan haka a shekarar 2019. Alamarsa ciwon ciki mai tsanani a saman cibiya da ke ratsawa zuwa baya, tare da amai, kuma wanda ya taɓa samun haka ba ya sake shan kabimazol ko metimazol.

10. Ina shan kabimazol kuma ina son haihuwa. Me ya kamata in yi tun kafin ciki?

Ki gaya wa likita tun ranar da aka fara rubuta miki maganin, ko da ba ki da niyyar ɗaukar ciki a wannan shekarar. Shawarar da aka fi bayarwa ita ce a yi tazarar haihuwa har homon ya daidaita a gwaji biyu a jere, domin cikin da aka ɗauka cutar tana kan ganiyarta ya fi fuskantar ɓari, da haihuwar bakwaini, da hawan jinin masu ciki da ke kai wa ga jijjiga, da gazawar zuciyar uwa. Idan an kusa kammala wata 18 na magani, sau da yawa ya fi a ƙarasa a daina sannan a nemi ciki. Idan jira ba zai yiwu ba, ana iya sauya ki zuwa PTU tun kafin cikin, ko ki ci gaba da kabimazol bisa sharaɗin za ki yi gwajin ciki da zarar al'ada ta yi jinkiri ko da na kwana biyu ne.

Wadda take buƙatar magani mai yawa kafin cutar ta kwanta, gara ta yi tunanin tiyata kafin ciki. Aidin mai tururin nukiliya ma hanya ce, amma sai an jira aƙalla wata 6 kafin a ɗauki ciki, kuma yakan ɗaga TRAb na tsawon lokaci, abin da yake da nasa tasiri ga jariri kamar yadda ya zo a tambaya ta 13. Ba a ba mai ciki ko mai shayarwa shi sam.

11. Wace illa kowannensu yake yi wa ɗan tayi, kuma me ya sa ake fifita PTU a farkon ciki?

Duka biyun suna ƙetara mabiyiya su isa ga ɗan tayi. A da an ɗauka PTU ba ya ƙetarawa sosai, daga baya aka gane ba haka ba ne, bambancin yana ga irin nakasar da kowanne yake iya haddasawa. Lokacin hatsari shi ne sati na 6 zuwa na 10, ana ƙirgawa daga ranar farko ta al'adar ƙarshe, lokacin da gaɓoɓi suke tsiruwa. Kabimazol a wannan lokaci yana da alaƙa da wasu nakasu sanannu: a haifi jariri da wani fili a tsakar kai da fata ba ta rufe ba, ko bayan hancinsa a toshe, ko bututun abincinsa bai haɗu da ciki ba, ko hanji ya leƙo ta cibiya. Ana samun irin wannan a kimanin jarirai 2 zuwa 4 cikin 100 da maganin ya riska a wannan lokaci. PTU ma ba wankakke ba ne, an danganta shi da ƙulli mai ruwa a fuska ko wuya da matsalar hanyar fitsari, a adadin da bai yi nisa da wancan ba, sai dai nasa sun fi sauƙi kuma sun fi gyaruwa.

Wannan ya sa aka tsaya a kan PTU daga farkon ciki har zuwa kusan sati na 16. Bayan nan gaɓoɓi sun gama tsiruwa, hatsarin nakasa ya wuce, abin da ya rage shi ne hantar uwa da aka yi bayani a tambaya ta 8. Wasu likitoci sukan mayar da mace kan kabimazol a wannan gaɓa, wasu kuma sukan bar ta a kan PTU idan adadin kaɗan ne kuma hantarta lafiya, saboda kowane sauyi yana iya dagula daidaiton da aka samu. Masana ba su yanke hukunci ɗaya a kan wannan ba, kuma duka hanyoyin biyu abin karɓa ne.

Abin da ba a so shi ne mace ta ji wannan bayani ta watsar da magani da kanta. Fiye da jarirai 95 cikin 100 ba sa samun waɗannan nakasu, cutar da aka bari ba magani kuwa hatsarinta ya fi wannan nesa ba kusa ba. A inda PTU ya yi wuyar samu, kuma hakan yana faruwa a garuruwa da yawa, mafi ƙarancin kabimazol da zai riƙe cutar ya fi zama ba komai.

12. Yaya ake tafiyar da maganin daga ranar da aka gane akwai ciki?

A ɗauki misalin mace mai shekara 27 da aka gano tana da cutar Graves wata 5 da suka wuce, tana shan kabimazol miligiram 15 a rana. Al'adarta ta yi jinkirin kwana 4, ta yi gwajin fitsari ya nuna ciki, wato tana cikin sati na 5. Ba ta jira ranar awo ba, ta je wurin likita washegari, aka ɗibi jini don T4 da TSH da TRAb. Tambayar farko ita ce ko za a iya tsayar da magani gaba ɗaya. Da a ce ta fi wata 6 tana sha, adadinta bai wuce miligiram 5 zuwa 10 ba, TSH ɗinta ya daidaita, TRAb ya sauka, da sai a daina a riƙa gwada ta duk sati 1 zuwa 2. Ita kuwa ba ta cika waɗannan sharuɗɗa ba, don haka sai sauyi. Ana lissafin miligiram 1 na kabimazol da kusan 12 na PTU, 15 sau 12 ya ba da 180, kuma tun da ƙwayar PTU miligiram 50 ce, sai a ɗora ta a kan 200 a rana, ƙwaya biyu da safe biyu da dare, a sake gwaji bayan sati 2.

Daga nan burin likita ya sha bamban da na wanda ba shi da ciki. Ba a neman T4 ɗinta ya zauna a tsakiya, ana so ya tsaya a can saman iyakar daidai ko ya ɗan haura kaɗan, kuma ba a damu ba ko TSH ya ci gaba da zama ƙasa. Dalili shi ne tayirod ɗin ɗan tayi, wanda yake fara ɗaukar aidin a wajen sati na 10 zuwa 12 kuma yake kama aiki sosai a tsakiyar ciki, ya fi na uwa jin maganin. Adadin da ya mayar da uwa daidai cif yana iya danne na ɗan, a haife shi da maƙoƙo da ƙarancin homon, alhali ƙwaƙwalwarsa tana buƙatar homon ɗin don girma. Wannan ne kuma ya hana hanyar rufewa da maye gurbi da aka ambata a tambaya ta 4: maganin rufewar yana ƙetarawa ga ɗan tayi da yawa, lebotayiroksin kuwa kaɗan ne yake ƙetarawa.

Ana gwada ta duk sati 2 zuwa 4 da farko, sannan duk sati 4 zuwa 6 idan ta daidaita. Ciki yana sassauta garkuwar jiki, don haka cutar Graves takan lafa yayin da watanni suke tafiya. Matar nan tana iya sauka zuwa miligiram 100 a wata na biyar, zuwa 50 a na bakwai, kuma mata da dama sukan daina sha gaba ɗaya a watannin ƙarshe. Da a ce akasin haka ya faru, tana buƙatar magani mai yawa ko ta gamu da babbar illa, lokacin da ya fi dacewa da tiyata shi ne watanni ukun tsakiya.

13. Me ya sa ake gwada TRAb ga mai ciki, har da wadda aka riga aka cire wa tayirod?

Domin TRAb ma yana ƙetara mabiyiya, kuma yana zuga tayirod ɗin ɗan tayi kamar yadda yake zuga na uwa. Macen da aka yi wa tiyata ko ta sha aidin mai tururi shekarun baya tana iya zama lafiya ƙalau a kan lebotayiroksin, amma furotin ɗin yana nan a jininta, kuma ba ta shan maganin rage aikin tayirod da zai kare ɗan. Ana gwada shi a farkon ciki, idan yana sama a maimaita a sati na 18 zuwa 22. Idan ya haura ninki uku na iyakar daidai, ana bin ɗan tayi da hoton ciki a duba bugun zuciyarsa, wanda bai kamata ya zauna sama da 160 zuwa 170 a minti ba, a duba girmansa da wuyansa.

Bayan haihuwa akwai wani tarko. Maganin uwa yana fita daga jikin jariri cikin 'yan kwanaki, TRAb kuwa yana ɗaukar makonni, saboda haka jaririn da aka sallama lafiya yana iya fara rashin natsuwa, da saurin numfashi, da ƙin ƙara nauyi duk da yawan tsotso, wajen ƙarshen satin farko, daidai lokacin da gida ya cika da hidimar suna. Irin wannan jariri ana so a gwada shi a kwana na 3 zuwa 5, a sake a wajen kwana na 10 zuwa 14.

14. Ina da ciki wata biyu, ina ta amai, gwaji ya nuna TSH ya faɗi. Sai na fara magani?

Ba lallai ba ne. Homon ɗin ciki mai suna hCG, wanda gwajin fitsari yake ganowa, ya yi kama da TSH, kuma idan ya yi yawa, kamar a cikin tagwaye ko laulayi mai tsananin amai, yana zuga tayirod na ɗan lokaci. Yakan kai ƙololuwa a wajen sati na 10, abin kuma ya lafa da kansa zuwa sati na 14 ko 18. Abin da yake bambanta shi da cutar Graves shi ne babu alamun cutar kafin ciki, babu fitowar idanu, babu maƙoƙon kirki, kuma TRAb ba ya nan. Maganinsa ƙarin ruwa da tsayar da amai. Ba wa irin wannan mace kabimazol ko PTU jefa ɗan tayi ne cikin hatsarin da ke tambaya ta 11 ba tare da wata riba ba.

15. Zan iya shayarwa ina shan maganin?

Za ki iya. Abin da yake shiga nono kaɗan ne, kuma an bi jariran da iyayensu suke shan metimazol har miligiram 20 a rana ba a ga ya taɓa aikin tayirod ɗinsu ko girmansu ba. A lokacin shayarwa kabimazol aka fi so, saboda hantar uwa, kuma ana shawartar a sha shi bayan an gama ba da nono. Jaririn ba ya buƙatar gwaji na musamman saboda nonon, in dai yana girma yadda ya kamata.

Abin da ya fi buƙatar sa ido shi ne uwar. Garkuwar jikin da ciki ya sassauta tana dawowa da ƙarfinta bayan haihuwa, kuma cutar Graves takan tashi a cikin shekarar farko, har ga wadda ta daina magani a watan takwas tana ganin ta rabu da ita. Rama da gumi da faɗuwar gaba a wannan lokaci sukan ɓuya a bayan wahalar jego, musamman ga wadda ta tafi wankan gida nesa da asibitin da ke riƙe da katinta. Gwaji a wajen sati na 6 bayan haihuwa, wato dab da arba'in, ya kamata ya shiga cikin shirin komawa ɗaki. Idan an ga homon ya hau, sai an tantance tukuna, domin akwai wani kumburin tayirod na bayan haihuwa da ke zubar da homon ɗin da ke rumbu ba tare da ƙera sabo ba, wanda kabimazol ba ya yi masa komai, kuma TRAb ne yake raba shi da cutar Graves.